Da'awa, Hujja da Sharhi: Ginin Sakin Layi a Rubutun Jami'a

Sakin layi a rubutun jami'a gungun jimloli ne da ke ɗauke da magana guda ɗaya. Yana faɗin maganar, ya kafa mata hujja, sannan ya nuna yadda hujjar ta tsayar da ita. Sassa ukun nan su ake kira da'awa da hujja da sharhi. Maƙala mai shafi biyar ba ta wuce irin waɗannan sakin layi takwas ko goma da aka jera su kan tsari ba, kuma malamin da ke duba jinga ko takardar jarrabawa a kansu yake raba maki ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina yakan fara cin karo da wannan darasi a kwas ɗin GST 111. Yawancin rubutunsa da Ingilishi zai yi, wanda ke sashen harsunan Nijeriya kuwa da Hausa, amma ginin sakin layin ɗaya ne a kowane harshe.

Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama a kotun Musulunci. Mai ƙara yakan faɗi abin da yake da'awa, alƙali ya nemi ya kawo shaidu, sannan a duba ko abin da shaidun suka faɗa ya dace da abin da aka yi da'awa. Mutum zai iya kawo shaidu adalai biyu a kan cewa ya sayi gona, alhali rigimar a kan iyakar gonar take, sai ya tashi ba shi da komai. Shaidun ba su yi ƙarya ba, amma maganarsu ba ta taɓa wurin da ake jayayya ba. A rubutun jami'a malami ne a kujerar alƙali, kuma ba ya yin hukunci da abin da ke cikin zuciyar ɗalibi, sai da abin da ke kan takarda.

Da'awa ita ce jimlar da ke faɗin matsayar marubuci, kuma galibi ita ke buɗe sakin layi. Sharaɗinta na farko shi ne ta kasance magana da mai hankali zai iya musantawa. Wanda ya rubuta cewa an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a shekarar 2011 ya faɗi gaskiya, amma bai yi da'awa ba, don babu mai ja da shi kuma babu abin da ya rage a tabbatar. Idan kuwa ya rubuta cewa kafa jami'ar shi ne babban abin da ya ɗaga kuɗin hayar ɗaki a garin Dutsin-Ma, to ya ɗauki matsaya. Wani na iya cewa a'a, masu gudun hijira daga ƙauyuka ne suka ɗaga shi, ko kuma tsadar siminti. Daga nan aikin sakin layi ya samu: ya nuna dalilin da ya sa ya kamata a yarda da marubucin. Akwai kuma jimlar da ke kama da da'awa alhali sanarwa ce kawai, irin wadda ke cewa wannan sakin layi zai yi magana a kan kiwo. Ta ambaci batu, ba ta ce komai a kansa ba, kuma ɗalibai na yawan fakewa a bayanta idan ba su riga sun san abin da suke son faɗa ba.

Misali guda da aka bi daga farko zuwa ƙarshe zai fi bayyana sauran al'amarin. A ɗauka an ba ɗaliban aji ɗaya jinga cewa su tattauna yadda matakan tsaro na gwamnati suka shafi tattalin arzikin karkara a Jihar Katsina. A cikinsu akwai ɗan garin Zakka da ke Ƙaramar Hukumar Safana, yankin da ke maƙwabtaka da Dajin Rugu, wanda ya san wannan batu tun kafin ya san ƙofar jami'a. Rubutun farko da irin wannan ɗalibi ke yi yakan fito kamar haka:

«Rashin tsaro babbar matsala ce da ta addabi al'ummarmu. Mutane sun shiga mawuyacin hali, noma da kiwo da kasuwanci duk sun durƙushe. Gwamnati ta ɗauki matakai daban-daban amma talaka ne ya sha wahala. Kowa ya san irin halin da aka shiga a Safana da Batsari. Saboda haka ya kamata hukumomi su tashi tsaye.»

Babu jimlar ƙarya a cikin wannan, kuma daga zuciya ya fito. Duk da haka malami ba zai ba shi maki mai yawa ba, kuma yana da gaskiya. Da'awa huɗu ce aka cusa wuri ɗaya: ta noma, ta kiwo, ta kasuwanci, da ta matakan gwamnati, kowace tana buƙatar nata sakin layi. Ba a ambaci mataki ko ɗaya da sunansa ko shekararsa ba. A gurbin hujja an sa «kowa ya sani», wadda ke nufin marubucin ya ɗora wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. Jimlar ƙarshe kuma kira ce ga hukuma, alhali tambayar ba ta nemi shawara ba. Hanya mafi sauƙi ta gane irin wannan sakin layi ita ce a cire sunan Safana da Batsari a sa na wasu garuruwa a Zamfara ko Borno. Idan babu abin da ya canza, to rubutun bai faɗi komai game da wurin da ya ambata ba.

Gyara yana farawa ne da taƙaita da'awa. Maimakon matakan gwamnati gaba ɗaya, sai a ɗauki guda. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar shawo kan matsalolin tsaro, wadda ta fara aiki ranar 31 ga watan. Cikin abin da ta ƙunsa akwai rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, da hana sayar da fetur a jarka, da dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Safana da Batsari da Jibiya da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Ko a cikin wannan doka, sakin layi ɗaya ba zai ɗauki komai da komai ba. Ɗalibin ya zaɓi batun dabbobi, ya kuma zaɓi rukunin mutanen da zai yi magana a kansu. Da'awarsa sai ta zama: dakatar da cinikin dabbobi a 2021 ya toshe wa ƙananan manoman yankin Zakka hanyarsu ta samun kuɗin gaggawa a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa. A wannan jimla akwai mataki, akwai lokaci, akwai mutane, akwai kuma abin da ake cewa ya same su. Ana iya musanta ta, ana kuma iya tabbatar da ita.

Daga nan sai hujja. Hujja ita ce abin da mai karatu zai iya bibiya da kansa ya ga ko haka ne: takardar doka, alƙaluman hukuma, littafi ko mujallar ilimi, rahoton jarida mai suna da rana, sakamakon gwaji, ko hira da aka rubuta wanda aka yi da shi da wuri da lokaci. Saƙon da aka turo a waya ba tare da an san mafarinsa ba ba ya cikin wannan sahu. Karin magana ma haka: yana ƙawata zance, yana kuma nuna yadda Hausawa ke kallon abu, amma ba ya tabbatar da cewa abu ya faru. Sai fa idan a kan karin maganar ake nazari, a nan ita kanta ce hujjar.

Abin da sabon ɗalibi ya fi kuskurewa shi ne tambayar me hujjarsa ta tabbatar, kuma a ina ta tsaya. Dokar 2021 hujja ce mai ƙarfi a kan abu uku: cewa an dakatar da ciniki, da ranar da aka fara, da cewa dabbobi duka aka ambata ba shanu kaɗai ba. Ba ta ce uffan ba a kan abin da ya sami manomi a Zakka. Wanda ya kawo dokar ya tsaya nan, ya tabbatar da rabin da'awarsa ne kawai. Rabin da ya rage, wato cewa mutane sun rasa hanyar samun kuɗi, yana buƙatar hujja ta biyu daga wani wuri daban. A nan ɗan yankin ya fi ɗan birni dama, don zai iya zama da magidanta lokacin hutu ya tambaye su. A ɗauka, don misali kawai, ya yi hira da magidanta takwas, biyar suka ce a watan Satumba na shekarar sun so sayar da akuya ko tunkiya ba su sami kasuwa ba, uku daga cikin biyar ɗin suka ce sun sayar a gida a farashin da bai kai na kasuwa ba. Wannan hujja ce karɓaɓɓiya matuƙar an faɗi adadin mutanen da wurin da lokacin hirar. A batu irin na tsaro wajibi ne a nemi izininsu, a kuma sakaya sunayensu, don maki ba su kai a jefa mutum cikin haɗari saboda su ba.

Sashe na uku, wato sharhi, shi ne inda mafi yawan sakin layi ke mutuwa, kuma abin mamaki ɗalibin da ya fi sanin batun shi ya fi barinsa. Dalili kuwa shi ne, ga ɗan Zakka alaƙar da ke tsakanin rufe kasuwar dabbobi da ƙuncin magidanci a fili take, har yana ganin faɗinta ɓata tawada ne. Ya san akuyar da ke ɗaure a turke a tsakar gida ita ce asusun gidan. Ya san yawancin awakin nan na mata ne. Ya san yadda rumbu yake a watan Agusta, lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana kuma bai isa yanka ba, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. Mai duba takardar wataƙila a Legas ya tashi ko a Inugu, ko kuma ɗan Katsina ne da ya san duk wannan, amma aikinsa shi ne ya ga ko ɗalibin ya iya ƙulla zaren da kansa. Abin da ɗalibin ke ganin bai kai a rubuta ba, shi ne ainihin abin da ake biyansa maki a kai, domin doka da alƙaluma na wasu ne, sharhi kaɗai ne nasa.

Hanyar fitar da sharhi ita ce marubuci ya tsaya bayan kowace hujja ya tambayi kansa: to sai me? An hana sayar da dabbobi. To sai me? Manomi ba zai iya mayar da akuyarsa kuɗi ba. To sai me, ba shi da wata hanya ne? A wannan lokaci na shekara ba shi da hatsin sayarwa, kuma ba shi da ajiya a banki. To me ya sa bai sayar a gida ba? Ya sayar, amma a kasuwa masu saye da yawa ne suke tayawa, a gida kuwa mutum ɗaya ne ya zo, kuma ya san mai akuyar a matse yake. Kowace amsa a nan jimla ce ta sharhi. Ana ci gaba da tambayar har sai amsar ta dawo kan kalmomin da'awa, a nan ake tsayawa. Ga yadda sakin layin yake bayan wannan aiki:

«Dakatar da cinikin dabbobi a 2021 ya toshe wa ƙananan manoman yankin Zakka hanyarsu ta samun kuɗin gaggawa a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa. Dokar da Gwamnatin Jihar Katsina ta fara aiki da ita ranar 31 ga Agusta, 2021, ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Safana da Batsari, kuma ba ta ware awaki da tumaki daga shanu ba. Wannan rashin warewa shi ne ya kai dokar cikin gidan ƙaramin manomi, wanda sau da yawa ba shi da saniya amma yana da 'yan awaki da yake sayarwa idan buƙata ta taso. Lokacin ma ya ƙara nauyin abin, domin ƙarshen Agusta tsakanin ƙarewar hatsin bara ne da shigowar sabo, sa'ad da gida ba shi da amfanin gonar da zai kai kasuwa. Daga cikin magidanta takwas da aka yi hira da su a Zakka, biyar sun ce sun nemi sayar da dabba a watan Satumba ba su sami kasuwa ba, uku daga cikinsu kuma suka sayar a gida ƙasa da farashin kasuwa. Faɗuwar farashin ta biyo bayan rashin masu tayawa ne, don mai saye guda da ya zo har gida ba shi da abokin takara. Ko da yake mutum takwas ba za su wakilci yankin duka ba, bayanansu sun nuna hanyar da matakin da aka ɗauka don hana sayar da shanun sata ya bi ya taɓa gidajen da ba su da hannu a satar.»

Jimla bakwai ce. Ta farko da'awa, ta biyu da ta biyar hujja, sauran huɗun sharhi. Wannan rabo ba doka ba ne, amma yana nuna ma'auni mai amfani: a sakin layi mai lafiya sharhi yakan kai yawan hujja ko ya fi ta. Idan ɗalibi ya ga kashi uku cikin huɗu na sakin layinsa maganar wasu ce da ya jero, to tarin bayanai ya yi, bai yi rubutu ba tukuna. Abin lura na biyu shi ne ba a tara hujjoji wuri ɗaya aka bar sharhi a ƙarshe ba. Kowace hujja sharhinta na biye da ita, tun mai karatu bai manta da ita ba.

Rubuta sharhi yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: yana tona kuskuren marubuci tun kafin malami ya gani. Da yawa daga cikin masu rubutu kan wannan batu za su fara da cewa manoma sun kasa sayar da dabbobi su sayi taki. Maganar tana da daɗin ji, kuma gaskiya ne ana sayar da dabba don taki. Amma da zarar an zo ƙulla ta da ranar dokar sai ta kwance, domin a wannan yanki takin gero da dawa a farkon damina da tsakiyarta ake zuba shi, kafin ƙarshen Agusta yawanci an wuce nan. Buƙatun wannan lokaci su ne abinci da magani da kuɗin ƙwadagon girbi. Wanda ya jera da'awa da hujja kawai ba zai lura da wannan giɓi ba. Wanda ya tilasta wa kansa bayyana yadda ɗaya ta haifi ɗaya, shi zai gani.

Sai batun daidaita girman da'awa da girman hujja. Hira da mutum takwas a gari ɗaya ba za ta ɗauki jimlar da ke cewa dokar ta talauta manoman Jihar Katsina ba. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34, kuma 20 daga cikinsu ba sa cikin jerin da aka dakatar da cinikin dabbobi. Kalmomi irin su «duk» da «kullum» da «babu wanda» suna buƙatar hujjar da ɗan aji ɗaya ba kasafai yake da ita ba, kuma misali guda da ya saɓa ya isa ya rushe su. «Da yawa», «sau da yawa», «a cikin waɗanda aka tambaya», waɗannan su ne kalmomin mai faɗin iya abin da ya gani. Ba rauni ba ne a yi amfani da su. Amma akwai wuce gona da iri ta wannan ɓangaren ma, inda ɗalibi ke lulluɓe kowace jimla da «wataƙila» da «mai yiwuwa» har a rasa inda ya tsaya. Abin da hujja ta tabbatar a faɗe shi kai tsaye, abin da ta nuna alama kawai a ce alama ce.

Wajibi ne kuma a yi hattara da ɗora wa dalili guda abin da dalilai da yawa suka haddasa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Safana da Batsari, ga kuma hare-haren da suka hana mutane zuwa gonakinsu na nesa tun kafin dokar. Magidancin da ya shiga ƙunci a wannan wata abubuwa da yawa ne suka taru a kansa. Shi ya sa da'awar da ke cikin misalin ba ta ce dokar ce ta jawo talauci ba, ta ce ta toshe hanya guda ta samun kuɗi. Cewa abu ya faru bayan wani abu bai isa ya nuna shi ya haddasa shi ba, sai an nuna hanyar da ya bi. Haka nan adalci ya sa a ambaci dalilin ɗaya ɓangaren. Gwamnati ta ɗauki matakin ne don a hana ɓarayin daji kasuwar dabbobin da suka sato, kuma jimlar ƙarshe ta misalin ta faɗi haka. Ko matakin ya cimma wannan buri ko bai cimma ba, tambaya ce mai kyau, amma da'awa ce ta daban, kuma wurinta sakin layi na gaba.

Wannan ya kawo batun inda sakin layi ke ƙarewa. Ba yawan layuka ke yanke shi ba, ƙarewar maganar ce. Galibi yakan kama daga jimla biyar zuwa takwas, kimanin kalma 120 zuwa 200, amma wannan kwatance ne kawai. Alamar cewa ya kamata a raba shi ita ce bayyanar sabuwar da'awa a tsakiya, wadda sau da yawa takan shigo da «haka kuma» ko «bugu da ƙari». Idan ɗalibin Zakka ya tsinci kansa yana rubuta cewa haka kuma hana sayar da fetur a jarka ya shafi masu injin ban ruwa da masu niƙa, to ya shiga wani sakin layin, sai ya sauka ƙasa ya buɗe masa da tasa da'awar. Kalmomin haɗi kuma kowace da aikinta. «Domin» alkawari ne cewa dalili na tafe, «saboda haka» alkawari ne cewa abin da ke tafe ya fito daga abin da ya gabata, «amma» kuma tana sanar da saɓani. Ɗalibin da ya sa «saboda haka» a gaban jimlar da ba ta fito daga ta baya ba ya yi da'awar alaƙar da bai nuna ba, kuma idon malami a kan irin waɗannan wurare yake fara sauka.

Duk hujjar da aka ɗauko daga wani dole a faɗi mai ita a cikin sakin layin, a wurin da aka yi amfani da ita. Sassa da yawa a jami'o'in Nijeriya suna bin tsarin APA, inda ake sa sunan marubuci da shekara a baka. Wanda ya ɗauko bayani daga littafin Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, zai rubuta (Usman, 1981), ya ƙara lambar shafi idan kalmomin marubucin ya kwafo. Sauya 'yan kalmomi a jimlar wani ba ya mayar da ita ta mai sauyawa. Ko da ɗalibi ya zuba bayanin cikin nasa lafazin gaba ɗaya, tunanin na mai shi ne, sai an ambace shi, in ba haka ba ya zama satar rubutu, wadda jami'o'i ke hukunci a kanta. Ambaton yana da wani amfani ga ɗalibin kansa: yana shata iyaka tsakanin abin da ya karanto da abin da ya fahimta, ta yadda malami zai ga daidai inda gudummawarsa ta fara.

Kafin a miƙa jinga, akwai dubawa guda biyu da ba sa cin lokaci. Na farko, a ɗauki biro a sa alama a gefen kowace jimla: D ga da'awa, H ga hujja, S ga sharhi. Sakin layin da ya fito da D uku babu H ra'ayi ne tsagwaronsa. Wanda ya fito da H a jere babu S kwafe ne. Jimlar da ta ƙi karɓar ko ɗaya daga cikin haruffan uku yawanci ado ce, kuma cire ta ba ya rage komai. Na biyu, a karanta jimlolin farko na dukan sakin layin maƙalar a jere, a tsallake sauran. Idan su kaɗai sun ba da amsar tambayar da aka yi, da'awowin sun tsaya daidai. Idan an ji ana ta zagaye wuri ɗaya, to akwai sakin layi biyu da ke faɗin abu guda, sai a haɗe su.

A zauren jarrabawa tsarin bai canza ba, sai dai ya tsuke. Babu littafi a gaba, don haka hujja takan zama abin da aka riƙe a ka: sunan doka da shekararta, sunan masani da ra'ayinsa, ko misali takamaimai daga darasi. Ba a tsammanin lambar shafi, amma ana tsammanin abin da aka ambata ya zama daidai, kuma shekarar da ɗalibi ba shi da tabbas a kanta gara ya bar ta da ya ƙirƙira. Ga tambayar da aka ware wa minti talatin, minti uku na farko sun isa a rubuta da'awa uku a gefen takarda, kowace da hujjar da za ta bi ta. Sauran lokacin sai a ba kowace da'awa sakin layinta, da jimla biyu ko uku na sharhi a bayan kowace hujja.